Yadda Ake Daidaita Kalar Kyamara Biyu a Bidiyon Biki Ɗaya

*Assalamu alaikum Yaya. Mun ɗauki dinar wani biki a ɗakin taro a Tumfure, nan Gombe, da kyamara biyu. Ni ina riƙe da Canon 80D a kan Standard, abokin aikina kuma yana da Sony a7 III, ya sa ta a PP8. Da na haɗa a DaVinci Resolve, ɗaukar Canon ta fito jajawur, ta Sony ta fito fari-fari kamar an wanke ta. Na ɗora LUT, sai fuskokin suka koma kore-kore. Don Allah ta ina zan fara?*

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da cire wannan LUT ɗin, sannan ka yanke shawarar wacce kyamara ce za ta tsaya a inda take, wacce ce za ta taso ta same ta. A aikinka Canon ce za ta tsaya. Ba wai ta fi kyau ba ne. Standard ya riga ya gasa hoton tun a cikin kyamara: ya ƙara kaurin kala, ya matse duhu, ya yanke abin da ya yi haske da yawa, kuma abin da ya yanke ya tafi ke nan. PP8 kuwa S-Log3 ne a kan S-Gamut3.Cine, wato an ajiye haske da duhu da yawa a cikin hoto mara armashi domin a sarrafa shi daga baya. Wanda ke da sauran wurin motsi shi ake ja zuwa wurin wanda ba shi da shi. In ka yi akasin haka, ka ce sai Canon ta yi laushin Sony, za ka ƙare da fararen kaya masu kalar toka da fuskoki kamar na marasa lafiya.

Wannan fari-farin da ka gani ba lalacewa ba ce. S-Log3 yana ajiye katin toka na kashi 18 a wajen 420 a ma'aunin 0 zuwa 1023, farin kati na kashi 90 kuma a wajen 598. Ka ga ke nan ko farin abu bai wuce tsakiyar ma'auni sosai ba, shi ya sa komai ya taru a tsakiya. Kafin a yi maganar daidaitawa, dole hoton Sony ya dawo Rec.709, inda Canon take zaune tun farko. Ka shiga shafin Color, ka buɗe Effects, ka ɗora Color Space Transform a kan nod, ka cika shi haka:

```
Input Color Space: Sony S-Gamut3.Cine
Input Gamma: Sony S-Log3
Output Color Space: Rec.709
Output Gamma: Gamma 2.4
```

Ka tambayi abokin naka ya tabbatar bai taɓa cikin PP8 ɗin ba, domin ana iya sauya Gamma da Color Mode a cikinsa sunan kuma ya ci gaba da zama PP8. Na fi son wannan hanya a kan LUT ɗin da ake turawa a waya saboda dalili ɗaya: yawancinsu ba a san don wace kyamara aka yi su ba. In an yi shi don S-Log2, ko don S-Gamut3 mara Cine, ko an cusa masa wani salo na shuɗi da ruwan lemo, zai murɗe launin fata, kuma duk gyaran da za ka yi bayansa gyaran ɓarnar LUT ne, ba daidaita kyamara ba. Canon ba ta buƙatar wannan mataki.

Yanzu ka nemo lokaci ɗaya da kyamarorin biyu suka ɗauki abu ɗaya a ƙarƙashin haske ɗaya. Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ba hoto da hoto ake gwadawa ba, abu da abu ake gwadawa. In Canon tana ɗaukar faɗin ɗakin da labule masu duhu da jama'a, Sony kuma ta matso kan fuskar amarya da farin mayafi, ma'auninsu ba zai taɓa yin kama ba, kuma bai kamata ya yi ba. Abin da kake so shi ne farar rigar ango a Canon ta zama ita ce farar rigar ango a Sony. Lokacin yanka kek ko lokacin da ango da amarya ke zaune a kujerarsu ya fi dacewa, domin duka kyamarorin suna kansu kuma ba sa motsi sosai. Ka gyara kilif ɗin Canon na wannan lokaci gyara kaɗan, yadda idonka zai kwanta da shi, ka danna dama a kan hoton ka zaɓi Grab Still. Shi ne ma'auninka daga yanzu, kada ka sake taɓa shi. In ka koma kan kilif ɗin Sony sai ka kunna Image Wipe, sikirin ya rabu biyu.

Daga nan akwai tsari, kuma tsarin ba na ado ba ne: haske tukuna, sannan fari da baƙi su tsaya daidai, sannan kaurin kala, sai launuka ɗaiɗai a ƙarshe. Dalili shi ne kowane mataki yana motsa wanda ke bayansa. In ka ƙara tazarar haske da duhu, kala takan ƙara kauri da kanta. In ka gyara fari, jan da ka sha wahala a kansa zai gusa. Wanda ya fara da launin fuska zai yi aikin sau uku.

Mu ɗauki misali da lambobi, ka sauya su da naka in ka auna. Ka buɗe Waveform. Domin kada sauran hoton ya rikita ka, ka yi sabon nod, ka zana ƙaramin Power Window, wato taga, a kan ƙirjin rigar ango inda babu ƙyalli, ka danna Shift+H, sai ma'aunin ya nuna maka wurin kaɗai. A ce a Canon rigar tana 780, kuncin ango yana 400, inuwar ƙarƙashin tebur tana 40. A Sony kuma, bayan ka dawo da ita Rec.709, rigar tana 690, kunci yana 370, inuwa tana 90. Lambobin nan suna faɗa maka abu biyu. Sony ta ɗan fi duhu a tsakiya, kuma tazararta ta fi ƙanƙanta, tunda farinta bai kai ba baƙinta ma bai sauka ba.

Gyaran farko ka yi shi a nod ɗin da ke gaban Color Space Transform, wato kafin hoton ya shiga cikinsa, da Offset. A cikin S-Log3 ɗaga Offset yana aiki kusan kamar buɗe idon kyamara ne a wurin ɗauka, domin kowane ninkin haske yana ɗaukar tazara kusan iri ɗaya, ɗan ƙasa da 80 a ma'aunin. Ka ɗaga har kunci ya kai 400. Sai ka tafi nod ɗin da ke bayan Color Space Transform, ka ƙara Contrast, ka riƙa motsa Pivot yadda kuncin zai tsaya a 400 yayin da rigar ke hawa zuwa 780 inuwa kuma ke sauka zuwa 40. In ɗaya ya kai ɗaya bai kai ba, ka ƙarasa da Gain ko Lift. Ba sai lamba ta zo cif ba. Bambancin goma ko sha biyar ido ba ya kama shi a wurin yanka, amma bambancin hamsin a baƙi kowa zai ji kamar an ɗaga labule an sauke.

Ka lura da ƙyallin shadda. Sabuwar shadda a ƙarƙashin fitilar ɗakin taro tana jefo haske kamar madubi, kuma Standard na Canon yakan ƙone wurin. Za ka gane ta hanyar layi miƙaƙƙe, shafaffe, a saman Waveform. Babu zare, babu aikin ɗinki a wurin, kuma sauke Gain ba zai dawo da su ba, sai dai ya mayar da farin ya zama toka. A Sony mai yiwuwa aikin wuyan rigar yana nan ras. Ni a irin wannan nakan bar Sony ta ɗan rasa kaɗan daga wannan bayani, in ɗaga samanta ya kusanci na Canon. Yana da ciwo ka bar abu mai kyau da hannunka, amma mai kallo ba ya ganin kilif ɗaya shi kaɗai, yana ganin tsalle daga wannan zuwa wancan.

Sai fari. Ka koma Parade, inda ja, kore da shuɗi ke tsaye gefe da gefe, taga tana nan a kan ƙirjin rigar. A ce Canon ta ba ka ja 805, kore 780, shuɗi 745. Wato farin yana da ɗumi, ya karkata zuwa rawaya. Sony kuma ta ba ka ja 765, kore 790, shuɗi 775. Ga asalin koren da kake gani a fuskoki: kore ya hau kan sauran biyun. Ka koma nod ɗin farko, ka yi aiki da sandunan Offset ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara ja, ka rage kore kaɗan, ka rage shuɗi, har tsayin ukun ya yi siffar na Canon. Sannan ka mayar da tagar kan wani abu baƙi, kamar baƙar jakar sifika ko baƙin takalmi, ka duba ko ƙasan ukun ya daidaita. In fari ya yi daidai amma baƙi ya karkata shuɗi, ka gyara shi da Lift a nod ɗin baya, a hankali.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Fararen kayanmu ba kasafai suke zama fari tsantsa ba. Wanda aka wanke da bula yana da shuɗi a jikinsa, wata shaddar kuma ruwan madara ce tun daga kanti. In ka ɗauki abin tsinken White Balance ka danna a kan rigar da ta sha bula, Resolve zai cire shuɗin daga hoton gaba ɗaya, kowa ya koma rawaya. In kuma ka danna a rigar ango a wannan kilif, ka danna a rigar babban aboki a wancan, ka ƙirƙiro sabon bambanci da hannunka. Don daidaitawa ba ka buƙatar fari na gaskiya. Kana buƙatar riga ɗaya, wuri ɗaya a jikinta, a kyamarorin biyu.

Idan haske da fari suka zauna, sau da yawa za ka ga yawancin aikin ya ƙare, sauran na Vectorscope ne. Ka shiga saitinsa ka kunna Show Skin Tone Indicator da Show 2x Zoom. Layi zai fito tsakanin ja da rawaya, wajen inda ƙarfe sha ɗaya yake a fuskar agogo. Fatar mutum, baƙi ne ko wankan tarwaɗa ko fari, launinta yana faɗowa kusa da wannan layi in hasken fari ne. Abin da ke bambanta mu shi ne yawan haske da kauri, ba kusurwar ba. Ka sa tagar a kuncin ango, ka kauce wa goshi in yana ƙyallin gumi. Ban ce amarya ba, domin kwalliya ta rufe fatarta, hodar kuma tana iya karkata zuwa rawaya ko ruwan hoda, hannunta ma ga lalle. Ita za ka duba ta daga baya, ka tabbatar kwalliyar tata ta fito iri ɗaya a duka biyun.

Abu biyu za ka karanta: ina ɗigon ya nufa, kuma yaya nisansa daga tsakiya. Nisa shi ne kauri. A Standard na Canon ɗigon zai yi nisa, sau da yawa ya ɗan jingina gefen ja. Wannan ne wuri ɗaya da zan ce ka koma ka taɓa Canon in ya yi yawa: ka rage Sat daga 50 zuwa wajen 44 ko 45, ka sake Grab Still. Rage kauri ba ya fasa hoto. Sannan ka ɗaga na Sony ya same ta. In ɗigon Sony ya faɗi gefen rawaya na layin, ka buɗe Curves, ka zaɓi Hue vs Hue, ka danna kan kuncin, ka motsa ɗigon kaɗan ƙwarai, digiri uku ko huɗu. Ka buɗa ɗigogin gefe su yi nesa da juna domin lanƙwasar ta yi laushi. Layin nan ma jagora ne kawai. In Canon ta zauna ɗan gefensa kuma fuskar ta yi kyau, Canon za ka bi, ba layin ba.

Bayan fata, ka duba launin da ya fi yawa a bikin, wato ankon. In ƙawayen amarya sun sa jan leshi, ko kore, ko shunayya, nan ne kyamarori biyu suka fi saɓani, domin kowane kamfani yana da yadda yake fassara launi mai kauri. Ja yana iya fitowa ja sosai a ɗaya, ya karkata ruwan lemo a ɗayar. Shunayya kuwa takan koma shuɗi. Mata sun san kalar da suka saya, kuma za su gani tun kafin kai ka gani. Gyaran dai Hue vs Hue ne da Hue vs Sat a kan wannan launi kaɗai. Ka yi hattara da ja, domin maƙwabcin launin fata ne, duk lokacin da ka motsa shi ka sake duba kuncin ango.

Ka san iyakar abin da ke hannunka. Duka kyamarorin nan bit 8 suke ɗauka a kati, wato mataki 256 ga kowane launi, S-Log3 kuma ya matse hoton a wani yanki na waɗannan matakai. In ka ja shi da ƙarfi za ka ga bango mai santsi ya yi zobe-zobe, inuwa ta cika da ƙwayoyi masu rawa, musamman in abokinka bai ba ta isasshen haske ba. Shi ya sa nake guje wa Qualifier a irin wannan fayil: gefen fuska yakan yi ɓarɓashi yana motsi. In ka ga haka, ka ja da baya, ka bar inuwar ta nutse kamar ta Canon, duhun zai ɓoye ƙwayoyin.

Akwai kuma bambancin da ba na kyamara ba ne, na fitila ne. Masu ado suna zuba fitilu masu shunayya da ruwan hoda a bayan kujerar ango da amarya. Wanda ya tsaya a gefe zai ɗauko wannan launi a rabin fuska, wanda ya tsaya a gaba ba zai gan shi ba. Haka in ɗayanku ya ɗaura fitila a kan kyamararsa. Wannan kada ka yi ƙoƙarin goge shi, gaskiyar ɗakin ce, kuma ido yana karɓarta muddin fari da baƙi sun daidaita. Wanda ya fi ɓata rai shi ne AWB, wato kyamara ta riƙa saita fari da kanta. In Canon tana kansa, launi zai riƙa gusawa a cikin kilif ɗaya duk lokacin da ka juya kyamara. Za ka gane in ka ja kilif ɗin da sauri kana kallon Parade, ka ga ja da shuɗi suna musayar wuri. Maganinsa ka yanka kilif ɗin gida-gida, kowane yanki da gyaransa, ko ka sa Keyframes su bi sauyin.

Shot Match to This Clip yana nan, kana iya gwada shi, amma lissafin hoton gaba ɗaya yake yi, bai san ango ba bai san labule ba. Yana taimakawa ne kawai in ɗaukar biyu sun yi kama a girma da abin da ke ciki.

Domin kada ka maimaita aikin nan a kowane kilif, ka zaɓi duka na Sony, ka danna dama, Add into a New Group. Ka mayar da Color Space Transform da gyaran Contrast da na Curves zuwa Group Post-Clip, tunda su halin kyamarar suke gyarawa kuma halin ba ya sauyawa. A matakin Clip sai ya rage Offset kaɗai, wanda za ka riƙa taɓawa in haske ya sauya daga shigowar amarya zuwa filin rawa. Duk wani salo da kake so fim ɗin ya ɗauka, ɗumi ne ko wani abu, ka sa shi a matakin Timeline, ya hau kan kyamarorin biyu tare, bayan sun daidaita.

In kala ta zauna amma har yanzu kana jin yankan, ka dubi kaifi. 80D a 1080 take tsayawa kuma hotonta mai laushi ne, a7 III kuwa in an ɗauka a 4K tana fito da kowane zare. Ka rage Mid/Detail na Sony kaɗan. Ƙara wa Canon kaifi ba ya kawo bayanin da babu, sai dai ya zana farin layi a gefen abubuwa.

Gwajin ƙarshe da motsi ake yinsa. Ido yana sabawa da launi cikin daƙiƙoƙi, in ka daɗe kana kallon hoto mai kore sai ya zama maka daidai. Ka kashe Night light na kwamfutarka, ka rufe tagar ɗakin, ka sa wurin yankan ya riƙa maimaita kansa, daƙiƙa biyu kafin da biyu bayan, idonka a kan fuska. Sannan ka fitar da minti ɗaya ka kalla a waya, tunda a waya dangin amarya za su kalla.

A biki na gaba ku kashe wannan wahala tun kafin baƙi su shigo. In za ku sake haɗa waɗannan biyun, abokinka ya bar S-Log3, musamman da dare, tunda a7 III ba ta sauka ƙasa da ISO 800 a kansa kuma abokiyar tafiyarta ba ta da irinsa. Ya sa PP Off ko wani PP mai ITU709, kai kuma ka koma Neutral ka rage kwantaras da kauri. Ku sa duka a firam 25, shata 1/50, saboda wutarmu mai bugu 50 ce, kada fitilu su riƙa ƙyaftawa. Kada ku tsaya a rubuta lambar Kelbin ɗaya, domin 4500 na Canon da 4500 na Sony ba lallai su ba da fari ɗaya ba, kuma lambar ba ta gyara koren da fitilun ɗakin taro masu araha ke fitarwa. Ku tsaya kafaɗa da kafaɗa a gaban kujerar ango, wani ya riƙe katin toka daidai inda fuska za ta kasance, kowa ya saita Custom White Balance a kansa. Sannan ku ɗauki katin na daƙiƙa goma tare da fuskar mai riƙe da shi, ku sake yin haka in an sauya fitilun ɗakin.